Aikin dare da tumbi: amsoshi ga masu gadi da direbobin Kumasi

"Sista, ban ƙara cin abinci ba, amma tun da na fara gadin dare a Adum wandona ya matse ni."

Ka ƙara, Malam, lissafi ne ba ka yi ba. Shayin ƙarfe 2 na dare mai madara da sukari cokali uku abinci ne, burodin da kake tsomawa a ciki ma haka.

"Me ya sa yunwar dare ta fi zafi?"

Ƙarancin barci yana ƙara sinadarin girelin mai tayar da yunwa, yana kuma rage leftin mai sanar da ƙoshi. Ba haɗama ba ce, ka kwantar da hankalinka.

"Ina shiga aiki 6 na yamma, in tashi 6 na safe. Yaushe ya kamata in ci?"

Wannan ba ta da amsa guda, domin gadin zaune daban yake da na mai zagaye. Abin da na ga ya fi yi wa yawancin mutane aiki shi ne su ci babban abincinsu, tuwo ko shinkafa da wake, kafin fita ko zuwa bayan Isha'i. Dalili kuwa, cikin dare jiki ba ya sarrafa sukari kamar yadda yake yi da rana, saboda haka kwanon da ka ci ƙarfe 1 zai fi ɗaga sukarin jininka fiye da irinsa da azahar. Daga 12 zuwa asuba, idan yunwa ta matsa, dafaffen ƙwai ɗaya ko gyaɗa cikin tafin hannu sun isa, tare da ruwa. Da safe ka sha koko kaɗan da ƙosai biyu kafin ka kwanta, don kada yunwa ta tashe ka da hantsi. Amma idan kana fama da ƙwannafi, ka bar ƙosan. Duk wannan ban da mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura, domin shi sauya lokacin ci ba tare da likita ba yana iya kayar da shi a bakin aiki.

"Ni direba ne, lemon gwangwani ne ke hana ni gyangyaɗi a hanyar Accra."

Gwangwanin kola mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, wato ƙananan cokula takwas da ɗoriya, kai kuwa kana zaune ba motsi. Mai gyangyaɗi barci yake bukata, Alhaji, ka tsaya a Nkawkaw ka runtsa.

"Ni kuma ramewa nake yi."

Wasu aikin dare yana kashe musu sha'awar ci. Amma idan ramar ta zo da yawan ƙishirwa da fitsari, ko tarin da ya wuce mako biyu, ka daina ɗora wa aiki laifi, ka je asibiti a gwada ka cikin wannan makon.