"Daga dama zuwa hagu": hanyar alƙalami ce, ba juya magana ba

Tun da wayoyi suka fara ciro rubutu daga cikin hoto su fassara shi, wannan magana ta "daga dama zuwa hagu" ta shiga bakin kowa a Tawa da Yamai. Ana jin ta a gidajen rediyo, ana jin ta a wurin masu gyaran waya, har ta rikiɗe ta koma "Larabci ai a juye yake" ko "baya-baya ake karanta shi". Wannan furuci na ƙarshe shi ke damuna, domin ya haɗe abubuwa biyu da ba su da dangantaka, kuma a wannan haɗewar ce ake ɓata wa mutane takardunsu.

Abin da maganar ke nufi ɗan kaɗan ne. Alƙalami yana tashi daga gefen dama na takarda ya gangara hagu, saboda haka kalmar da ke can ƙarshen dama ita ce ta farko da marubuci ya furta, ta kusa da ita ta biyu, haka har layi ya ƙare. Layuka kuma daga sama zuwa ƙasa suke, kamar na boko. Shi ke nan. Duk yaron da ya riƙe allo ya san wannan tun kafin ya san sunansa, kuma kakanninmu da suka yi ta rubuta Hausa da ajami ba su taɓa jin suna magana baya-baya ba. Wanda ya shiga sashen tsoffin littattafan Larabci da ajami na cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta IRSH da ke Yamai zai ga Hausa kwance daga dama zuwa hagu, jerin kalmominta kuwa daidai da yadda muke furta su yau a kasuwa. Hanyar da rubutu ke bi a kan takarda daban, jerin kalmomi a cikin jimla daban. Ta farko aikin ido ce, ta biyu aikin nahawu.

Mu ɗauki wata takarda da ke yawo a wayoyin mutanen Tawa, wato takardar bashi daga ƴan ci-rani. A ce wani dattijo ya kawo wa ɗan maƙwabcinsa waya, ya ce: "Ɗana, duba mini wannan hoto da aka turo daga Sabha ta Libiya, ka gaya mini wa ke bin wa." Layin da ke cikin hoton shi ne:

أقرض موسى عيسى 1500 دينار

Daga dama, kalmomin biyar ne: aƙrada, Musa, Isa, 1500, dinar. "Aƙrada" na nufin ya ba da rance. Larabci yakan fara da aikatau, sannan wanda ya yi aikin, sannan wanda aka yi wa. Don haka Musa ne ya fitar da kuɗi, Isa ya karɓa. Hausa ba ta fara jimla irin wannan da aikatau, kuma tana sa sunan kuɗi kafin adadinsa, sai fassarar ta fito: Musa ya ranta wa Isa dinari 1500. Ka ga an motsa kalmomi sau biyu a cikin fassarar, aikatau ya koma bayan Musa, dinari ya dawo gaban lamba, amma ko ɗaya ba don rubutun ya taso daga dama aka motsa shi ba. Nahawun Hausa ne ya nema. Da an rubuta wannan jimla ta Larabci da haruffan boko, gyaran da za a yi ke nan ba ragi ba ƙari.

Yanzu ga mai cewa Larabci a juye yake. Shi zai sa yatsa a hagu ya jero: dinar, 1500, Isa, Musa, aƙrada. Isa ya riga Musa ke nan, sai ya ce wa dattijon: "Baba, ai Isa ne ya ba Musa rance." Ko kuma ya ɗauki "Isa Musa" sunan mutum guda, a rasa wanda ake bi gaba ɗaya. Bashin da ake bin wani gida ya koma kan wancan gidan, kuma babu kalma ɗaya da aka fassara ba daidai ba.

Na zaɓi waɗannan sunaye biyu da gangan, don malaman nahawu sun daɗe suna kafa misali da su. Idan aka ce "daraba Zaidun Amran", wasalin ƙarshen suna ne ke nuna wanda ya yi duka da wanda ya sha, ko da an sauya musu wuri ba za a ruɗe ba. Amma Musa da Isa sunaye ne da ƙarshensu ba ya nuna wasali, shi ya sa ƙa'ida ta ce a "daraba Musa Isa" dole na farko shi ne mai aikin. Abin da ya sa wannan tsohuwar ƙa'ida ta shafe mu yau shi ne takardun asibiti da na ofis da na kasuwa ba sa zuwa da wasula. Sunayenmu kuma, Abdu, Sani, Hadiza, haka nan ake rubuta su ba alamar komai a ƙarshe. Kusan kowane suna a irin wannan takarda ya zama Musa da Isa, jeri kaɗai ke riƙe da ma'ana. Wanda ya taɓa jerin ya taɓa hakkin wani.

Sai lambar da ke tsakiya, inda mai bin "daga dama zuwa hagu" ido rufe shi ma yake faɗawa rami. A cikin rubutun Larabci lamba tana tsaye yadda muka san ta: dubbai a hagu, ɗaiɗaiku a dama. 1500 dai 1500 ce, ba 0051 ba. Ido yana zuwa daga dama, ya iso lamba, ya tsallaka zuwa farkonta na hagu ya karance ta, sannan ya ci gaba da tafiyarsa. Haka abin yake ko da lambobin da ake amfani da su a Masar da Sudan da Saudiyya ne, inda za a rubuta ١٥٠٠. Sai dai a nan a kula, biyar ɗinsu zagaye ce mai kama da sifilinmu, sifilinsu kuma ɗigo ne, wanda a hoton da bai fita sosai ba ake iya ɗauka ƙura ce a kan takarda. Takardun Libiya da Aljeriya galibi da irin lambobinmu suke zuwa.

Kwanan wata ya haɗa hanyoyin biyu a wuri guda. Idan ka ga 2024/03/12 a ƙasan takardar, mai rubutun daga dama ya fara: rana 12, wata na 03, shekara 2024, wato 12 ga Maris. Gungu-gungu ana bin su daga dama, amma cikin kowane gungu ana karantawa daga hagu. Shekarar ce maƙalli: gefen da take, rana tana ɗaya gefen, wata a tsakiya. Wanda ya juya haruffan lambar zai sami rana 21 da wata na 30, wannan ko yaro ya gane kuskure ne. Mai hatsarin shi ne wanda ya musanya rana da wata ya ce 3 ga Disamba, don babu abin da zai nuna masa ya kauce.

In an rubuta adadi da kalmomi, akwai wani jerin kuma na harshen kansa. A ce takardar ta ƙara da cewa za a biya cikin

خمسة وعشرين يوما

wato hamsatin wa ishirina yauman. Kalma bayan kalma "biyar da ashirin" ne, don Larabci yana fara faɗin ɗaiɗaiku kafin gomomi. Mun ari ashirin da talatin da hamsin daga gare su, amma ba mu ari wannan jeri ba, mu "ashirin da biyar" muke cewa. Mai gaggawa zai ji biyar ya rubuta 5, ya ji ashirin ya rubuta 2, wa'adin kwana 25 ya zama 52.

Duk wannan idan hoton lafiya yake ke nan, kuma ba kullum yake lafiya ba. Wayoyi da yawa suna adana hoton kyamarar gaba kamar yadda madubi ke nunawa, sai dama ta koma hagu. Mutum ya riƙe takarda a ƙirji ya ɗauki kansa, ya turo gida. A nan ne kawai kalmar "a juye" ta dace, kuma laifin kyamara ne. Gane shi ba wuya: a nemi lamba ko harafin boko a jikin hatimi, in 2 ko 5 ta juya baya to hoton ne ya juye. In babu lamba, a dubi gefen da layuka suka daidaita. A takardar Larabci farkon layuka a dama suke jere tsaf, guntun layin ƙarshe kuma yana barin fili a hagu. Maganinsa shi ne a juya hoton da maɓallin madubi na wurin gyaran hoto, ko a ce a sake ɗauka da kyamarar baya, takarda shimfiɗe, gefuna huɗu duk suna ciki. Hoton da aka yanke wa gefen dama ya rasa farkon kowane layi, kuma a can aikatau da kalmar korewa irin "lam" da "la" suke zama. "Lam yadfa" bai biya ba ne, in "lam" ta fita daga hoto sai a ga "yadfa" kaɗai, a ɗauka maganar biya ake.

Idan kuma manhaja ce ta ciro rubutun, kada a miƙa shi ga fassara sai an gwada shi da hoton. Na'ura tana adana Larabci bisa jerin furuci, harafin farko a farko, allon waya ne ke shimfiɗa shi daga dama. Wani lokaci abin da aka ciro yakan fito bisa jerin gani daga hagu, ko ya birkice sa'ad da aka liƙa shi a wata manhajar da ba ta san wannan tsari ba. In haruffa ne suka juye, alamar a fili take: za ka ga kalma ta fara da ة, harafin da ba ya taɓa zuwa farkon kalma, ko ka ga ال da ya kamata ya buɗe kalma ya koma ƙarshenta. In kalmomi ne suka sauya wuri alhali kowace tana daidai, ido ba ya saurin kamawa, kuma fassarar da za ta fito tana iya daɗin karatu sarai. Gwajin da nake ba kowa shawara shi ne a sa yatsa kan kalmar ƙarshen dama ta layin farko a hoto, a tabbata ita ce ta farko a rubutun da aka ciro, a yi haka ga kalmar ƙarshen hagu, sannan a bi kowane suna da kowace lamba ɗaya bayan ɗaya.

Takarda mai gidaje-gidaje ita ma haka: gidan farko yana dama, kuma amsar kowace tambaya tana hagu da ita. A takardun Aljeriya masu harshe biyu akan sa tambayar Larabci a dama, ta Faransanci a hagu, amsa a tsakiya, sai manhaja ta kwashe layin gaba ɗaya ta cakuɗa. Irin wannan a yanka hoton gida-gida, a karanta kowane shi kaɗai, a rubuta a takarda wane ne mai ba da rance, wane ne mai karɓa, nawa ne, yaushe ne wa'adi, kafin a ba dattijon amsa.