Imel da ke buɗewa fayau a wajen wanda aka tura wa

Wannan matsala ce da ake samu a imel, mutum ya tura saƙo, a Sent ɗinsa komai na nan lafiya lau, amma wanda aka tura wa ya buɗe ya ga fili fari fat, ko harafi ɗaya babu. Nan da nan sai a ce ai netwok ne, alhali sau da yawa saƙon ya isa, yadda aka tsara shi da HTML, wato tsarin da ke sa wa rubutu kala da kwalliya, ne ya jawo.

Asalin imel rubutu ne zalla, sai a 1992 tsarin MIME ya zo ya ba da damar haɗa hoto da fayil da sauransu. Yanzu yawancin manhajoji kwafi biyu suke turawa cikin saƙo ɗaya, ɗaya rubutu zalla ɗaya HTML, manhajar mai karɓa ce ke zaɓan wanda za ta nuna. A ɓoyayyen bayanin da ke saman irin wannan saƙon ana ganin haka:

```
Content-Type: multipart/alternative
```

To idan kwafin rubutu zallan, wato text/plain, ya tafi ba komai a ciki, mai karɓa kuma an saita masa ya nuna rubutu zalla, fili kawai zai gani. Haka idan saƙon gaba ɗaya hoto ne, irin katin ɗaurin aure, manhajar kuma ta toshe hotuna.

Amma wanda ya fi ruɗa mutane shi ne na kala. A ce ɗalibi ya je kafe a Wunti cikin Bauchi zai tura takardar neman aiki, ya kwafo rubutun daga wani shafi mai baƙin bango da fararen haruffa ya manna, to HTML yana iya kwaso farar kalar nan ya bar bangon a baya. Wasiƙa ta isa, farin rubutu kan farin shafi, shi kuwa yana can yana jiran amsa. Gane shi ba wuya, mai karɓa ya danna Ctrl+A, in haruffa suka bayyana to kala ce. In ba su fito ba ya buɗe Show original a Gmail ya duba ko rubutun na ciki, wani lokaci a dunƙule yake da base64, wata hanyar juya saƙo zuwa jerin haruffa da lambobi, sai ka ga kamar shirme, amma yana nan.

Maganin shi ne a sake turawa da rubutu zalla. A Gmail na kwamfuta a danna ɗigo ukun da ke ƙasan inda ake rubutu a zaɓi Plain text mode, a Outlook kuma Format Text sai Plain Text. Wajen mannawa Ctrl+Shift+V a burauza yana zubar da kwalliyar.

Wasiƙar ofis, neman aiki, ko saƙo ga wanda ba a san da me yake buɗewa ba, rubutu zalla ya fi. Ba kala, ba kaurin harafi, ba tebur, amma fayil yana tafiya yadda ya saba, ƙ da ɗ da ɓ ma suna fita in dai tsarin haruffan saƙon UTF-8 ne. In tebur ya zama dole a sa shi a PDF a liƙa.