Takardar cikin kwalin magani: me za a iya ragewa, me doka ta hana a taɓa?

Dokar Abinci da Magunguna ta Najeriya, wadda aka yi tun 1974, tana da sashe na 5 da ya haramta a yi wa magani lakabi, ko a sayar da shi, ko a tallata shi ta hanyar ƙarya, ko ta hanyar ɓatarwa, ko ta hanyar da za ta iya sa mutum ya yi masa mummunar fahimta game da ingancinsa, abin da ya ƙunsa, amfaninsa ko hatsarinsa. Ƙarya kowa ya san ta. Inda aikin yake shi ne kashi na uku, domin ana iya rubuta jimla wadda babu kalmar ƙarya ko ɗaya a cikinta, amma wanda ya karanta ya tashi da abin da ba haka yake ba. Duk mai son sauƙaƙa bayanin magani domin waɗanda ba su yi zurfi a boko ba, nan ne ƙafarsa take zamewa.

Kai tsaye, dokar da kamfanin magani da mai sayarwa take. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana duba rubutun kwali da takardar da ke ciki lokacin yi wa magani rajista, kuma ƙa'idojinta na lakabi sun ce bayanin ya kasance da Turanci, ana iya ƙara wasu harsuna. Don haka ɗan bayanin da ma'aikaciyar asibitin shakatafi ta rubuta da Hausa ta liƙa a bango, ko wanda mai kemis ya faɗa da baki, ba ya maye gurbin takardar kamfani. Sai dai ni a ganina ma'aunin ɗaya ne, tunda hantar mai shan maganin ba ta san wanda ya rubuta bayanin ba.

Bari mu ɗauki sakin layin da ya fi kowane yawo a gidajenmu, na ƙwayar farasitamol mai miligiram 500. In aka juya shi zuwa Hausa yadda yake, ga kusan abin da yake cewa: manya su sha ƙwaya ɗaya zuwa biyu kowace awa 4 zuwa 6 gwargwadon buƙata, kada a wuce sau huɗu cikin awa 24, kada a haɗa da wani magani mai ɗauke da farasitamol, in an sha fiye da ƙima a nemi likita nan take ko da ana jin lafiya, saboda haɗarin mummunar illa ga hanta wadda ba ta bayyana da wuri.

Sauƙaƙawar da ta fi zuwa baki ita ce: “Sha biyu, sau huɗu a rana.” Gajeriya ce, tana da sauƙin riƙewa, kuma kowace lamba da ke cikinta daga takardar aka ɗauko ta. Amma ta mayar da iyaka ta zama umarni. Takardar ta ce kada ka wuce huɗu, kuma sai in kana buƙata. Gajeriyar ta ce ka cika huɗu. Wanda ciwon kansa ya tafi tun da hantsi zai ci gaba da sha har dare, yana ganin bin ƙa'ida yake.

Babbar ɓarnar kuwa tana wajen tazarar da aka yar. Mutumin da ba ya aiki da agogo, in ka ce masa sau huɗu, da lokutan da ya sani zai raba, mafi yawa lokutan salla. Daga asuba zuwa azahar da nisa. Amma tsakanin azahar da la'asar awa biyu ne ko ɗoriya kaɗan, tsakanin magariba da isha'i kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Wanda ya sha biyu da azahar, biyu da la'asar, biyu da magariba, biyu da isha'i bai wuce huɗun da aka ce masa ba, amma ya haɗiye ƙwaya takwas, wato giram 4, cikin abin da bai wuce awa bakwai ba. Lokutan salla suna da amfani wajen tuna wa mutum maganin safe da dare. Ba su dace da maganin da tazararsa ita ce kariyarsa ba, sai in an zaɓi waɗanda ke nesa da juna an ambace su da suna.

Wani kuma sai ya gyara ta ɗaya gefen, ya riƙe tazarar ya yar da iyakar: “Sha biyu duk bayan awa huɗu.” Yi lissafi. Awa 24 tana ɗauke da huɗu sau shida, biyu sau shida kuma ƙwaya 12 ke nan, giram 6. An haura iyakar da ƙwaya huɗu cur. Ashe lambobin nan guda uku tare suke aiki: nawa a sha lokaci guda, awa nawa a jira, nawa ne ƙarshe. In ka cire ɗaya, sauran biyun sai su koma faɗin abin da kamfanin bai faɗa ba. Sannan “a rana” ba daidai take da “cikin awa 24” ba. Mai zazzaɓin da ya cika takwas ɗinsa da magariba yana iya farkawa tsakar dare ya ce ai rana ta wuce, ya buɗe sabon lissafi. Dole a ce dare da rana, ko a ce daga wannan safiya zuwa wata safiyar.

To me za a iya zubarwa? Da yawa. Kalmar miligiram ba sai ta maimaitu a kowane layi ba. A faɗe ta sau ɗaya a sama, a ce a duba lambar 500 a jikin kwalin ko katin, domin duk lissafin ƙwayoyin a kanta ya tsaya. Giram 4 ana iya barinsa, a ce ƙwaya takwas. Doguwar jimla a yanka ta gida uku. Sunan cutar hanta na likitoci a ce lalacewar hanta kawai. Wannan duk sauya tufa ne, mutumin yana nan yadda yake.

Layin da ya hana haɗawa da wani magani mai farasitamol yana buƙatar ƙari ne ma. In an bar shi yadda yake, gaskiya ne amma ba ya aiki, domin wanda ba ya karatu ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin maganin murar da ya saya jiya. Da yawa daga cikin magungunan mura da na ciwon jiki da ake haɗawa suna ɗauke da farasitamol, kowanne da sunansa da launin kwalinsa. Nan sai a gaya masa abin yi: ya kai duk abin da yake sha wurin mai kemis ko ma'aikacin lafiya a duba masa. Ba a ƙirƙiri sabuwar magana ba, an nuna masa ƙofar bin tsohuwar ce. Amma kada a zarce a ce “duk maganin mura yana da farasitamol”, wannan ƙarya ce, kuma ranar da ya gano haka zai daina yarda da sauran.

Layin ƙarshe shi ya fi shan wuƙa, kuma shi ya fi kisa in an yanke shi. Sau da yawa sai ka ji an mayar da shi: “In ka sha da yawa ka ji ba daɗi, je asibiti.” An cire “ko da ana jin lafiya”, an sa kishiyarta. Wanda ya zarce ƙima da farasitamol yakan wuni na farko ba ya jin komai, ko ɗan tashin zuciya da amai kawai. Ciwon gefen dama na ciki da idon da ya koma ruwan ɗorawa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku suke fitowa, lokacin hanta ta riga ta taɓu. Maganin da ake bayarwa a asibiti don karya dafin kuwa ya fi aiki in an fara shi cikin awa 8 na farko. Wanda aka ce wa ya jira sai ya ji ba daɗi, an ce masa ya zauna har lokacin ceto ya wuce.

Ga yadda zan rubuta shi:

“Wannan bayanin na manya ne, kuma na ƙwayar da aka rubuta 500 a jikinta. Ba na yara ba ne. In kana jin ciwo ko zazzaɓi, sha ɗaya ko biyu. In ciwon ya tafi, ba sai ka ƙara ba. In ya dawo, kada ka sake sha sai awa huɗu ta cika. Kada ka sha fiye da sau huɗu daga wannan safiya zuwa wata safiyar, har da dare. Ƙwaya takwas ita ce ƙarshe. Magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna da irin wannan maganin a ciki, don haka in kana shan wani, nuna wa mai kemis ko ma'aikacin lafiya kafin ka haɗa. In kana da ciwon hanta ko na ƙoda, ko kana shan giya da yawa, tambayi likita tukuna. In ka sha fiye da haka, tafi asibiti nan take, ko da kana jin lafiyarka ƙalau. Yana lalata hanta ba tare da ka ji ba.”

Ya fi na asali tsawo, kuma haka ya kamata. An ɗauko gargaɗin masu ciwon hanta daga wani sashe na takardar, domin in za a raba wannan sakin layin shi kaɗai, barin gargaɗin a baya zai sa a ɗauka ƙwaya takwas ta kowa ce. Kalmar “manya” ma sai an duba: wasu takardun suna fara wannan adadin daga shekara 12, wasu daga 16. Abin da takardar da ke hannunka ta ce shi za ka rubuta, da lambarsa.

Saura gwaji. Dokar magunguna ta Tarayyar Turai ta wajabta a gwada takardar magani a kan irin mutanen da za su yi amfani da ita, kuma jagorarsu ta 2009 ta sa ma'auni: kashi 90 cikin 100 su iya gano bayanin, kashi 90 na waɗannan su fahimce shi, wato aƙalla mutum 16 cikin 20 a kowace tambaya. Nasu na masu karatu ne, amma dabarar tana aiki ko da karanta wa mutum aka yi. Kada ka tambaye shi ko ya gane, zai ce ya gane don kunya ko don girmama ka. Ka ce, “Baba, ka sha biyu da azahar, la'asar ta yi kai na sara, me za ka yi?” Ka ce, “Hajiya, a ce ɗanki babba ya sha goma sha biyu tun safe amma ga shi yana hira, yaya ke nan?” In Baba ya ce zai ƙara, layin tazara ne bai shiga ba. In Hajiya ta ce za ta sa masa ido zuwa gobe, ka koma kan layin ƙarshe ka sake shi, sannan ka gwada a kan wani daban wanda bai ji na farkon ba.