Aika ma'auni da MQTT a kan raunanan wayifai

MQTT ƙa'ida ce ta isar da gajerun saƙonni tsakanin na'urori. Andy Stanford-Clark da Arlen Nipper ne suka ƙirƙiro ta a 1999 domin lura da bututun mai ta tauraron ɗan'adam, inda layi ke da tsada kuma yake yawan yankewa. Ƙungiyar OASIS ta amince da sigar 3.1.1 a 2014, sigar 5.0 kuma a 2019. A yau ana yawan amfani da ita wajen tattara ma'aunin zafi ko danshi daga ƙananan alluna masu araha irin ESP8266 da ESP32.

Tsarin yana da dillali a tsakiya, wato manhaja irin Mosquitto da ke zaune a kan saba, tana sauraro a ƙofa ta 1883, ko 8883 idan an rufe saƙon da TLS. Kowane allo yana aika ma'auninsa ƙarƙashin wani take, misali `sito/07/zafi`, dillalin kuma ya miƙa wa duk wanda ya yi rajistar wannan taken.

Matakan tabbacin isarwa, waɗanda ake kira QoS, uku ne. A QoS 0 allo yana aikawa ne kawai, ba ya jiran amsa. A QoS 1 yana riƙe saƙon har dillali ya amsa da PUBACK, idan layi ya yanke kafin amsar ta zo sai ya sake aikawa, don haka saƙo ɗaya na iya isa sau biyu. QoS 2 yana hana maimaici, amma sai an yi musayar fakiti huɗu, abin da ke wahalar da layi mai rauni. Ga ma'auni, QoS 1 ne ya fi dacewa. Sai dai laburaren PubSubClient, wanda ya yaɗu a tsakanin masu Arduino, a QoS 0 kaɗai yake aikawa, kuma da yawa ba sa lura da haka sai sun ga giɓi a bayanansu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne zaton dillali zai adana abin da allo ya auna lokacin da babu layi. Ba zai yi ba, domin saƙon bai taɓa isa wurinsa ba. Ajiyar da dillali ke yi ta masu karɓa ce. Don haka dole allon ya yi tasa ajiyar. A ɗauki misalin alluna 40 a ɗakunan ajiyar hatsi, kowanne yana auna zafi sau ɗaya a minti. Idan wayifai ya ɗauke na awa biyu, kowane allo ya tara ma'auni 120. Idan kowane ma'auni ya ci bayit 12, da lokacinsa da lambar jerinsa, jimilla bayit 1,440 ke nan, abin da ESP8266 ma zai riƙe ba wahala. Lokacin da aka ɗauki ma'aunin dole ya kasance cikin saƙon, in ba haka ba saba za ta ɗauka duk 120 ɗin a minti guda aka auna su. Lambar jerin kuwa ita ke nuna wanda ya maimaitu da wanda ya ɓata.

Dawowar layin ma tana da tata matsalar. Alluna 40 ɗin za su nemi haɗuwa a lokaci guda da saƙonni 4,800 a hannu, ƙaramar rauta kuma ta shaƙe. Maganin shi ne kowane allo ya ɗan jira na wasu daƙiƙoƙi da ya zaɓa da ka, ya riƙa ninka jiran duk lokacin da ya gaza, sannan ya sauke ajiyarsa kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma yadda ake gane allon da ya yi shiru. Yayin haɗuwa allo yana faɗa wa dillali tazarar da ba zai wuce ba bai yi magana ba, ya kuma bar wasiyya, wato saƙon da dillali zai fitar ƙarƙashin wani take, misali `sito/07/hali`, idan allon ya ɓace. Dillali yana jiran ninki ɗaya da rabi na tazarar: idan daƙiƙa 60 ce, bayan daƙiƙa 90 zai yanke haɗin ya fitar da wasiyyar. Ana iya kallon halin dukkan allunan da wannan umarni:

```
mosquitto_sub -h 192.168.1.10 -t 'sito/+/hali' -v
```

Idan allo yana ta fita yana shiga, a fara duba ƙarfin sigina da `WiFi.RSSI()`. Kusan -67 dBm ba laifi, amma daga -80 zuwa ƙasa sai a yi tsammanin yankewa, gara a matso da rauta ko a ɗaga allon daga jikin kwano. Idan kuwa sigina da ƙarfi amma ana ta yankewa, a duba sunan da kowane allo ke haɗuwa da shi. Ƙa'idar ta ce idan sabon allo ya zo da sunan da wani ke amfani da shi, dillali ya kori na farkon. Alluna biyu da aka loda wa manhaja ɗaya ba a canza suna ba za su yi ta korar juna, shi ya sa ake ciro sunan daga adireshin MAC na kowane allo.