Kaya na kan teku, littafi na jiran rufewa: yadda ake rubuta kayan da ba su iso sito ba

Ga tambayoyin 'yan kasuwa kan wannan batu, kowacce da amsarta.

Kwantenarmu ta taso daga Sin ranar 10 ga Disamba, ba za ta iso Apapa ba sai Janairu. Akantanmu ya ce sai mun saka ta a hajar ƙarshen shekara. Kayan da ban gani da idona ba?

Da alama akantan naka yana da gaskiya, Alhaji, amma takardar cinikin ce za ta raba gardama. Ɗauko ta ka duba haruffa ukun da ke kusa da farashi. In ka ga FOB, ko CFR, ko CIF, to daga lokacin da aka ɗora kayan a cikin jirgi a tashar can, asara ko lalacewarsu ta koma wuyanka. In jirgin ya nutse a tsakiyar teku, mai sayarwa zai ce a biya shi kuɗinsa cif, kai kuma ka je ka nemi kamfanin inshora. In kuwa DAP ko DDP aka rubuta, kayan na hannun mai sayarwa har sai ya kawo su wurin da kuka ambata, don haka babu abin da zai shiga hajarka a Disamba.

Mutane da yawa na ruɗewa da CFR da CIF. Suna ganin tunda mai sayarwa ne ya biya kuɗin jirgi har Legas, ai kayan nasa ne sai sun sauka. Ba haka ba ne. Kuɗin dakon kawai ya ɗauke maka, haɗarin ya riga ya dawo kanka tun ranar lodi.

Waɗannan haruffa ƙa'idojin ciniki ne na ƙasa da ƙasa, waɗanda sabon tsarinsu ya fara aiki a 2020, kuma abin da suke fayyacewa shi ne wa ke ɗauke da haɗari da wa ke biyan me. Ba su ne ke cewa ga ranar da mallaka ta koma hannun mai saye ba. Shi ya sa odita mai lura ba ya tsayawa a kansu kaɗai. Zai karanta yarjejeniyar, ya duba takardar lodin jirgi da kwanan watan da ke kanta, ya ga ko akwai sharaɗin da ya bar wa mai sayarwa ikon juya kayan zuwa wani wuri. In babu irin wannan sharaɗi, ranar lodi ce ranar da za ka rubuta.

To yaya ake shigar da su, tunda mai kula da sito bai karɓi komai ba?

Ana buɗe musu asusu na daban, asusun kayan da ke kan hanya, wanda yake cikin haja a takardar kadarori amma ba ya cikin abin da ake ƙirgawa a sito. Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi.

A ce ɗan kasuwa a Sabon Gari, Kano, ya yi odar katan 1,000 na filas a kan dala 40 kowanne, dala 40,000 ke nan, bisa FOB, kuma bashi ne zai biya daga baya. Ranar lodi dala tana naira 1,500. Sai a yi debit na naira miliyan 60 a asusun kayan kan hanya, a yi kiredit na miliyan 60 a asusun mai sayarwa. Kuɗin jirgi dala 4,000, wato miliyan 6, da inshora naira 300,000, su ma su hau kan wannan asusu. Ranar 31 ga Disamba asusun na ɗauke da miliyan 66 da dubu 300.

A Janairu jirgi ya sauka. Kwastan suka karɓi miliyan 14 na kuɗin fito da sauran cajin da ba a dawo da su. Ejan ɗin da ya fitar da kayan, da kuɗin tasha, miliyan 1 da dubu 200. Tirela daga Legas zuwa Kano miliyan 2 da rabi. Duk waɗannan suna taruwa a asusu guda har su kai miliyan 84. Ranar da aka sauke kaya, mai sito ya ƙirga ya sa hannu a takardar karɓa, sai a kwashe miliyan 84 ɗin gaba ɗaya zuwa hajar sito, asusun kan hanya ya koma sifili.

Yanzu raba ka gani. Katan ɗaya ya tsaya maka a naira 84,000, alhali takardar mai sayarwa 60,000 ta nuna. Wanda ya watsa kuɗin kwastan da na tirela cikin kashe-kashen wata, ya sa farashin 75,000 yana murnar ribar dubu 15, faɗuwar dubu 9 yake yi a kowane katan bai sani ba. Ƙa'idar IAS 2 ta lissafin haja, wadda ake bi a ƙasa da ƙasa, ta ce kuɗin haja ya haɗa da kuɗin saye, da harajin shigo da kaya, da dako, da duk abin da aka kashe kai tsaye don kawo kayan inda suke a yanayin da suke. Harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari a Najeriya tun 2020, ba ya hawa kan haja in kamfanin zai iya cire shi daga harajin da zai biya. In ba zai iya ba, ya shiga kuɗin kayan.

Dala ta tashi kafin mu biya. Ba sai mu ƙara bambancin a kan kuɗin kayan ba?

A'a. Kayan sun tsaya a farashin canji na ranar da suka zama naka. Bashin ne ke motsi. In ranar 31 ga Disamba dala ta kai 1,550, dala 40,000 ɗin da ake binka ta zama miliyan 62, sai a rubuta miliyan 2 a matsayin asarar canjin kuɗi ta wannan shekarar, kuɗin sayen kayan kuma ya ci gaba da zama a miliyan 60. In ka ba da kafin alƙalami tun kafin lodi, wannan kuɗi ba haja ba ne tukuna, kuɗi ne da ka gabatar, kuma ɓangaren da ya biya yana shiga kuɗin kayan da farashin dala na ranar da ka tura shi.

Kuɗin jinkiri da kamfanin jirgi ya caje mu saboda kwantena ta daɗe a tasha fa?

A ra'ayina kada ka ɗora shi a kan haja. Jinkirin da ya faru saboda takardu ba su kammala ba, ko kuɗin kwastan bai samu a kan lokaci ba, bai ƙara wa filas ɗin komai ba. Rubuta shi cikin kashe-kashen watan, a asusun da za a riƙa ganinsa, don in aka cusa shi cikin kuɗin kaya babu wanda zai tambayi dalilin da ya sa ake yawan biyansa.

Ni matsalata akasin haka ce. Kaya sun iso ranar 29 ga Disamba, mun ƙirga su, amma takardar kuɗinsu ba ta zo ba sai 8 ga Janairu.

Wannan ya fi na farko haɗari, Malam, domin yana kumbura riba. Ka lura: kayan suna sito, an ƙirga su cikin hajar ƙarshen shekara, amma sayensu bai shiga littafi ba. A lissafi ya zama kamar kyauta aka ba ka. In katan 300 ne a kan naira 20,000, ribar shekarar ta ƙaru da miliyan 6 na ƙarya, bashin da ake bin kamfani kuma ya ragu da miliyan 6, har ma a biya haraji a kan ribar da babu ita.

Maganinsa asusu na biyu, na kayan da aka karɓa ba a kawo takardar kuɗinsu ba. A manhajojin lissafi za ka gan shi da suna GRNI, a manhajar SAP kuma GR/IR. Ranar karɓa, ka ɗauki adadin da mai sito ya ƙirga ka ninka da farashin da ke takardar oda, ka yi debit a haja, kiredit a wannan asusu. Bashi ne, sai dai ba a kai ga saka shi a sunan mai kayan ba. Ranar da takarda ta iso, ka yi debit a asusun don ya mutu, kiredit a asusun mai sayarwa.

Haka za a yi wa kwantenar Kano in ta iso sito amma ejan bai kawo lissafinsa ba, abin da ya zama ruwan dare. Ka ƙiyasta kuɗinsa bisa abin da kuka yi magana, ka ɗora a kan kayan tun ranar karɓa, ka gyara in takarda ta zo. In ka jira shi, za ka sayar da rabin kayan da kuɗin da bai cika ba.

Asusun nan namu na kayan da ba a kawo takardar kuɗinsu ba kullum ƙaruwa yake, ba ya komawa sifili. Me ke jawo haka?

Jimillar ba za ta gaya maka komai ba. Fitar da shi layi-layi, kowane layi da lambar odarsa da ranar karɓa, ka jera su bisa daɗewa. Abin da ya haura wata uku yana zaune ba a kawo takardarsa ba abin tuhuma ne, don ba kasafai mai kaya ke manta kuɗinsa tsawon haka ba.

Abin da aka fi samu shi ne takardar ta zo tuni, har an biya, amma wanda ya shigar da ita bai haɗa ta da takardar karɓa ba, ya tura ta kai tsaye asusun saye. Kaya ɗaya sun shiga sau biyu ke nan, bashin ƙarya ya zauna a littafi. Yadda za ka gane shi, nemi mai kayan ya turo maka bayanin asusunka na wajensa. In ya ce ba ya binka komai, kai kuma kana ɗauke da miliyan 6 da sunan odarsa, ka kama ɓarawon.

Sai kuma ƙananan saɓani da ake bari suna taruwa. An yi odar katan 300, mai sito ya ƙirga 290, don haka miliyan 5 da dubu 800 suka shiga. Takarda ta zo da 300. Dubu 200 ɗin nan ba za su ɓace da kansu ba, ko dai a kawo cikon katan 10, ko mai kayan ya rubuto takardar rage kuɗi, kuma kafin nan kada a biya sai na 290. Ko kuma adadi ya yi daidai amma farashi ya zo 20,500 maimakon 20,000. In an amince da ƙarin, dubu 150 ɗin su hau kan haja in kayan na nan, in an sayar da su kuma su tafi kuɗin kayan da aka sayar. Akwai kuma kayan da aka mayar wa mai su, sito ya fitar da su amma ofishin lissafi bai samu labari ba.

Asusun kan hanya ma a yi masa irin wannan tankaɗe a ƙarshen kowane wata. Kowane layi ya zama akwai takardar lodi a bayansa, kuma a iya faɗin inda kwantenar take yau: kan teku, ko Apapa, ko Onne, ko kan tirela. Layin da kayansa suka iso tun watanni biyu baya amma kuɗinsa na nan zaune, yawanci an sake shigar da kayan ne ta wata ƙofa ranar karɓa, hajar ta ninku a littafi. Kafin a goge irin wannan layi, a haɗa takardu ukun wuri guda, ta oda da ta karɓa da ta mai sayarwa, kuma wanda zai sa hannun amincewa ya zama ba shi ne ya shigar da layin tun farko ba.