Da "an ba ta" da "a ba ta" ba ɗaya ba ne

Tambaya: Anti ni sabuwar nas ce a wani asibiti nan cikin Kano, idan masu diyutin dare za su miƙa mana aiki ana ɗaukar muryar a waya, ni ake sa wa in rubuta. Duk abin da aka faɗa zan kwashe?

Amsa: A'a ƙanwata. Ki fara saurara har ƙarshe ba biro a hannu, saboda wadda ta kwana a tsaye tana magana tana gyara kanta ne. Za ki ji ta ce "gado na 6 suganta 18 ne da asuba", sai can bayan ta wuce gado biyu ta ce "au tsaya, 8 ne, 18 ɗin na mai gado 9 ne". In kin rubuta tun a jin farko toh kin ɗora wa baiwar Allah sugan da ba nata ba. A saurare na biyu ne za ki tattara komai gado gado: me ya kawo ta, yaya ta kwana, me aka yi mata, me ya rage.

Wurin da ya fi ba ni tsoro shi ne "an ba ta" da "a ba ta". Harafi ɗaya ne tsakaninsu, ga fanka na kaɗawa ga ƙarar janareto ga masu jinya na ta sallama, wallahi a waya kusan iri ɗaya suke fita, kuma in insulin ake magana ko dai a yi mata sau biyu suga ya faɗi ko a tsallake gaba ɗaya. Kada kunnenki ya yanke hukunci. Buɗe takardar magani, in an yi allurar za ki ga lokaci da sa hannu. Babu sa hannu? Kira mai diyutin daren, ko ta hau adaidaita sahu ta kai Ƙofar Nassarawa.

Tambaya: In ta ce "ɗazu" ko "anjima" fa?

Amsa: Mai karantawa da azahar bai san ɗazunta ba, mayar da shi agogo. "Na sa mata ruwa ɗazu" ya zama: leda 500 ml, an ɗaura 4:00 na asuba, na awa 4, zai ƙare 8:00 na safe. Lokacin daga takarda za ki ɗauko, banda kintace. Kuma "kamar jikinta da zafi" ba awo ba ne, ki rubuta cewa ita ta lura, a sake aunawa.

Tambaya: Muryar in ajiye ta?

Amsa: Akwai sunayen mutane da cutukansu a ciki. Kar ta shiga gurup ɗin WhatsApp, ki tambayi metiron ƙa'idar asibitinku, in babu dokar ajiyewa ki goge da zarar an sa hannu a rubutun.