Babban madubi a bangon filasta: waya, zobba ko katako?

Na sayo madubi mai firam na katako, tsawo santimita 180, faɗi 90. Kafintana ya ce ƙusar kankare ɗaya da waya sun isa. Haka ne?

Hajiya, kada ki yarda. Gilashi mai kaurin milimita 5 yana da nauyin kilo 12 da rabi a kowace murabba'in mita, naki ke nan ya kai kilo 20 tun ba a sa firam a lissafi ba. Ita kuwa filasta shafe ce kawai, da wuya kaurinta ya wuce santimita ɗaya da rabi. Ƙusa farfasa ta take yi, sannan ta riƙa sunkuyawa a hankali. Idan kika ga garin siminti na zubowa a ƙarƙashinta, ta kusa saki.

Waya ma tana da nata sharrin. Mutane kan ɗaure ta tamau don kada ta leƙo ta sama, alhali iya miƙewarta iya ƙarfin da take jan gefunan firam ciki da shi, har kusurwa ta buɗe. A bar wa ƙananan hotuna waya.

To zobban nan masu siffar D da ke bayansa fa?

Suna yi, in kowane zobe ya hau nasa sukurun kai tsaye. Wahalarsu awo: ramuka biyun suka saɓa kaɗan, madubi ya karkace ke nan.

Wanne za ka zaɓa?

Katakon Faransa, kamar yadda Turawa ke kiransa. A samo falanki mai kaurin milimita 18, tsawon santimita 70, a tsaga shi biyu ta tsawo, a karkace digiri 45. Rabi a bango, bakin yankan yana sama, tsininsa daga waje. Ɗaya rabin a bayan firam daga sama, bakin yankan yana kallon ƙasa. Ana sauke madubin sai su sarƙe, nauyi ya bazu kan sukuru huɗu.

Kafin huda, a ƙwanƙwasa bangon. Inda ya yi amo kamar ganga, filasta ta rabu da bulo, a kauce. A kauce wa saitin soket da makunnin wuta kuma, nan wayar wuta kan bi. A huda ramin milimita 8, a sa fisha, wato robar da ke riƙe sukuru a cikin rami, sukuru ya wuce filasta ya shiga jikin bulo kamar santimita 3. Bulonmu mai rami ne, wani kuma yashi ya fi siminti yawa. In fisha tana juyawa tare da sukuru, ba ta kama ba, kuma cusa tsinken ashana ba gyara ba ne, a matsa gefe a sake.

Bango bai cika miƙewa ba, sai a cike giɓin bayan katakon da washa kada ya lanƙwashe. A manna guntun katako mai kauri ɗaya da falankin a bayan firam daga ƙasa don madubin ya tsaya sak, kuma mutum biyu su ɗaga.